Ƙugiyar Sarƙar Kawu

A shekarun farko bayan samun mulkin kai ina da ƴar rumfa a kasuwar Madawa, kusa da masu sayar da turare. Tsohon zinari nake saye: ƴan kunne da suka rabu da ƴan'uwansu, zobban da suka matse yatsa, sarƙar da ta tsinke. In sun taru sai in kai su Ƙonni in sayar. Karatuna na lakwal, wato boko, bai yi nisa ba, amma na iya lambobi. Sana'ar kuwa na koye ta wurin wani maƙeri ɗan Sanagal da ya zauna a garin kafin ya koma Yamai. Da zai tafi ya bar mini baƙin dutsen gwaji, da kwalabe biyu na ruwan asid, da gilashin duba ƙananan abubuwa, da wasu ƴan guntayen zinari waɗanda an san darajar kowanne.

Lissafin ba shi da wuya. Ana raba zinari kashi ashirin da huɗu, kowane kashi shi ake kira karat. Wanda yake ashirin da huɗu shi ne tsantsa, sai dai ya yi taushi, ba a cika yin kayan ado da shi ba. Mai ashirin da biyu, kashi biyu ne kawai a cikinsa jan ƙarfe ko azurfa. Wasu maƙeran Turai kuma da dubu suke ƙidaya. In ka ga 750, uku bisa huɗu ke nan, wato karat sha takwas. In ka ga 375, rabin wancan ne, karat tara, wanda garwayen da ke cikinsa ya fi zinarin yawa. Irin wannan daga Najeriya yake shigo mana, daga kantunan Ingilishi. Amma lamba faɗar maƙeri ce kawai. Don a tabbatar sai a goga kayan a kan dutse ya bar zane, a ɗiga asid a kai. Ruwan kwalba ta farko yana cinye zanen zinari mai rauni, ba ya taɓa mai kyau. Na kwalba ta biyu ya fi ƙarfi, da shi ake bambance sha takwas da ashirin da biyu, ana kwatanta zanen da na guntayen da aka sani. Maigidana ya sha gaya mini a goga wuri uku kafin a buɗe baki. Na ji wannan da kunnena, ba sau ɗaya ba.

Mahaifiyata ta rasu ina ƙarami. Ƙanwarta ce ta goya ni a Deule, ita nake kira Inna. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗiya ɗaya gare ta, ba ta da shanu ba ta da babbar gona. Abin da take da shi a garin nan shi ne sunan riƙon amana. Ƴan ci-rani in za su tafi kudu bayan kaka, wurinta suke barin abin da suke tsoron bari a gida. Mata suna kawo mata mundaye da tasoshi da zannuwan da suke ɓoye wa mazajensu. Ɗakinta na ciki cike yake da ƙullin tsummoki da tukwane a rufe, kuma ba ta taɓa rikita na wani da na wani ba. Masu ajiya kan dawo mata da ɗan sabulu ko goro ko damin hatsi, da haka take rufa wa kanta asiri. In ana gardama a bakin rijiya, da ita ake misali.

Yayansu, wato Kawuna, a Tabotaki yake, mai shanu ne. Tun kafin Faransawa su tafi ya ɗaura niyyar Makka ta ƙasa, ta Cadi da Sudan, tafiyar da take cin shekaru. Ya san in ya bar shanu duka a hannun makiyaya zai dawo ya tarar da labari, don haka ya kora wasu zuwa Kano, ya sayar, ya sayi sarƙar zinari mai kauri, ya kawo wa Inna ajiya. Lokacin ban shiga sana'ar ba, ban kuma ga sarƙar ba.

Ya dawo da furfura da sunan Alhaji. Bayan an gama zuwa yi masa barka, ya hau doki ya tafi Deule karɓar kayansa. Ba a jima ba ɗan aike ya same ni a rumfa, ya ce Kawu na kirana, in zo da kayan aikina. Na shiga kamyo, babbar motar kaya, zuwa Buza, daga can na ari jaki.

Da hantsi na iso Deule. Na yi tsammanin cikin gida za a yi maganar, sai na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar masallaci, ƙarƙashin itacen bedi. Liman yana zaune, da dattawan unguwa, da waɗanda babu abin da ya kawo su sai kallo. Inna tana gefe a durƙushe, ta ja mayafi har goshi. Na gaishe su, na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba.

Kawu ya kwance wani jan ƙyalle ya ajiye sarƙar a gabana.

Ya ce, "Ɗana, kai ka yi lakwal. Duba mini abin da anka rubuta ga ƙugiyar nan."

Na ce, "Lafiya dai, Kawu?"

"Duba dai. Ni ban iya karatun Nasara ba, amma ba makaho ni ke ba. Ranar da na saye ta, mai kantin ya nuna mini alama biyu iri ɗaya, awa wuyan raƙuma biyu sun jeru. Ya ce ashirin da biyu ke nan. Yau na duba, raƙumana sun ɓace."

Wasu suka yi dariya. Liman ya juya wajen Inna ya tambaye ta a hankali ko ta taɓa buɗe ƙullin.

Ta ce, "Malam, abin da ya ba ni shi na ba shi."

Na ɗauki sarƙar. Na ji nauyinta a tafin hannuna, na tuna wannan sarai, amma hankalina yana kan jama'ar da ta zuba mini ido. Ban taɓa yin aiki a gaban mutanen garinmu ba. Waɗannan su ne suka san ni ina yawo ba wando, yau ga su sun yi shiru suna jiran abin da zan ce. Na fito da gilashi na kafa a ido, na juya ƙugiyar wajen rana. Ga lambar nan fili: ƙaramin tara, sannan 375.

Na faɗa da ƙarfi. Na kuma yi musu bayani, ba wanda ya roƙe ni. Na ce a cikin kashi ashirin da huɗu, tara ne kawai zinari, sauran sha biyar jan ƙarfe ne da tarkace. Wani tsoho ya ce, "Ashe ko rabi ba ta kai ba." Na ce ba ta kai ba.

Liman mutum ne mai taka-tsantsan. Ya ce, "Yaro, rubutu dai rubutu ne. Babu wata hanyar da za a gane?"

Na ce akwai. Na shimfiɗa dutsena, na jera kwalabe. Kawu ya miƙo hannu ya ce kada in ƙwarzane masa jikin sarƙa. Ƙugiyar kuwa tana da faffaɗan gefe mai daɗin riƙewa, ita ce kuma a tsakanin yatsuna tun da na karanta lambar. Sai na goga ta. Ta bar zane a kan dutsen. A gefensa na goga guntun ashirin da biyu nawa. Na tsoma tsinken gilashi a kwalba ta farko na ja a kan zanen biyu. Mutane suka matso har suna tare mini haske. Zanen guntuna ya tsaya yana ƙyalli. Zanen ƙugiyar ya dushe, ya yi duhu, ya ɓace, sai baƙin dutse.

Ba wanda ya buƙaci bayani a wannan karon. Na ji wata mata a bayan katanga ta ce, "La ilaha illallahu."

Kawu bai ɗaga murya ba. Ya dubi ƙanwarsa ya ce, "Na ratsa ƙasashen da ban san harshensu ba, ba wanda ya cuce ni. Sai ɗakin da na fito." Ya tura mini sarƙar da bayan hannu. "Tafi da ita Madawa ka sayar da abin banza. Ba ni son ganinta."

Inna ta tashi. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi rantsuwa ba. Da za ta wuce ta gabana ta tsaya kaɗan ta ce, "Ka ci abinci kuwa?" Na ce na ci. Ban ci ba, amma ban iya bin ta gida ba. Na koma Buza a ranar.

Sarƙar ta kwana biyu a cikin akwatina ban taɓa ta ba, don ganinta yana ɓata mini rai. Sai da tafiyar Ƙonni ta matso na fito da kaya ina aunawa. Akwai wata sarƙa ta karat tara da na saya wurin wani direba, kaurinta da tsawonta sun yi kusa da na ta Kawu. Na ɗora ta a ma'auni, na sauke, na ɗora ta Kawu. Sai da na yi ta ƙara duwatsun awo. Ta fi waccan nauyi da fiye da rabi. Zinari ya fi jan ƙarfe nauyi nesa ba kusa ba, sarƙa biyu masu girma ɗaya da daraja ɗaya ba za su yi wannan rata ba.

Na ɗauko dutse. Na kama tsakiyar sarƙar na goga, na goga kusa da wancan bakin, na goga wani wuri. Ruwan kwalba ta farko ya bi ta kansu bai yi musu komai ba. Na ja zanen sha takwas da na ashirin da biyu a gefe, na sa ruwa mai ƙarfi. Na sha takwas ya fara dushewa. Zanen sarƙar uku suka tsaya tare da na ashirin da biyu, launi ɗaya, ba ka bambance su. Na ɗauki magagari na ɗan yanka cikin zobe ɗaya, ko rufi aka yi mata a sama. Cikin da wajen duk ɗaya ne.

Sannan na duba inda ƙugiyar ta haɗu da sarƙar, abin da ya kamata in fara yi a Deule. Ga liƙin nan, ɗan ƙulli mai fari-fari, ba aikin kanti ba ne, aikin maƙerin kasuwa ne. An sa wa sarƙar ƙugiyar wata sarƙa dabam. An kuma dafa ƙugiyar da alif da gishiri yadda maƙera suke yi don launin zinari ya taso sama, shi ya sa ido bai raba ta da sauran ba. Inda na goga a ƙofar masallaci ya nuna jan da ke ƙasa. Lambar ba ta yi ƙarya ba, dutsen ma bai yi ba. Ƙugiyar karat tara ce. Ni ne na ɗauki shaidar abu mai girman ƙwayar wake na yanke wa sarƙa guda hukunci da ita.

Na rufe rumfa ranar kasuwa, abin da ban taɓa yi ba, na nufi Deule.

Na tarar da Inna tana tankaɗe a tsakar gida. Ƙofar ɗakin ciki a buɗe take, ita da ban taɓa ganinta ba sakata ba. Na leƙa. Babu ƙulli ko ɗaya, sai zagayen da gindin tukwane ya bari a ƙasa.

Ta ce, "Sun zo sun kwashe. Kowa da hujjarsa. Wannan ɗanta za shi aure, waccan mijinta ya tambaya. Wata a gabana ta kwance ƙullinta tana ƙidaya mundaye."

Na durƙusa na gaya mata abin da na gano. Ta saurare ni har na gama, hannunta bai bar rariya ba.

"To, ƙugiyar ce."

"Ita ce, Inna. Wa ya canja ta?"

Ta ce ranar sunan jikanta na fari ne. Ɗiyarta za ta zauna a gaban dangin miji wuya ba komai, alhali ga zinari a ƙarƙashin gado. A garin nan kowa yana aron kayan ado ranar biki, amma ita ba ta taɓa taɓa ajiyar wani ba. Ta ce a ranta wannan na yayanta ne, wuni ɗaya ne. Da yamma wani yaro da aka ɗauka ya fizgi sarƙar, ƙugiyar ta ɓalle ta faɗa cikin rairayi, aka tankaɗe tsakar gida ba a gan ta ba. Ranar kasuwar Buza ta kai wa wani maƙeri baƙo, ya zazzage jakarsa ya samo wata ya liƙa.

"Ni ban san da wani rubutu a jikinta ba. Ƙugiya dai na gani, ya sa ƙugiya."

"Inna, don mi ba ki faɗi haka ba a gaban Liman?"

Sai a nan ta ajiye rariyar. "In ce mi? In ce na buɗe ajiya, a gaban waɗanda kayansu ke ɗakina? Na ce dutsenka zai fid da ni, tunda na san zinarin shi ne. Ina durƙushe ina jin daɗi da na ga ka fito da shi. Na ce ɗana ya zo."

Ta ce in ina son in yi mata wani abu, in je in faɗa a inda na faɗi ta farko.

Na fara zuwa Tabotaki, don sarƙar ta Kawu ce. Na same shi a zaure da baƙi, na jira suka tafi. Na shimfiɗa dutse na sake gwajin a gabansa, wuri uku, na nuna masa liƙin. Ya karɓi sarƙar ya daɗe yana jujjuya ta.

Ya ce, "Wato ta buɗe."

"Ta buɗe, Kawu, amma ba ta ci maka ko ƙwaya ba. Dukiyarka na nan yadda ka bar ta, ban da ƙugiya."

"Na ba ta a ƙulle, ta buɗe, ta sa wa ɗiyarta ta yi rawa, ta kuma dubi Liman ta ɓoye. Mi ya canja?"

"Ɓarauniya ake ce mata."

"Ni ban ce ba. Kai ka karanta, kai ka zuba ruwanka, kowa ya gani. Yanzu so kake in hau doki da furfurata in tafi Deule in ce yaro ya yi kuskure, ni ma na bi shi?" Ya naɗe sarƙar a jan ƙyallen ya sa a aljihu. "Ka sha fura kafin ka tafi."

Ranar Juma'a bayan an sauko na tsaya a ƙofar masallacin Deule na ce ina da magana. Sarƙar ba ta hannuna, ba abin da zan goga, sai baki. Na yi bayanin ƙugiya da liƙi da nauyi. Na ce lambar da na karanta ta ƙugiya ce kaɗai, sarƙar ashirin da biyu ce cikakkiya. Na ce kuskuren nawa ne. Mutane suna neman takalmansu. Tsohon nan da ya ce ko rabi ba ta kai ba ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka kyauta, yaro. Ita ta goya ka, dole ka rufa mata." Wani ya ce, "Mu dai mun ga ruwa ya cinye." Wani kuma ya tambaya, in gaskiya ne, ina Alhajin? Liman ya yarda da ni, na ga haka a fuskarsa, ya kuma yi addu'a Allah ya daidaita ƴan'uwa. Amma waɗanda suka yarda ɗin ma sun tafi gida da sabon labari, cewa tana buɗe ajiya. Wannan ni na kai musu shi da bakina, ina ƙoƙarin wanke ta.

Kafin damina na ji a Ƙonni cewa Kawu ya kai sarƙar Sakkwato. Can aka cire ƙugiyar aka auna ta dabam, aka gwada sauran, aka saya a matsayin ashirin da biyu. Ya dawo da garken shanu. Mutanen Tabotaki suka ce albarkar Makka ce. Bai aika Deule ko da ƙwaryar nono ba.

Inna ta rayu shekaru bayan haka. Ta koma sayar da ƙuli-ƙuli da daka wa mutane hatsi. Duk wata ina aika mata da abin da ya sawwaƙa, tana karɓa tana sa albarka, ba ta sake tayar da maganar ba. Ɗakin ciki ta mai da shi wurin kwanan awaki. Sau ɗaya wata baƙuwa da ba ta san labari ba ta kawo mata ƙullin ajiya, ta ce mata ta kai gidan Liman.

Ranar da ta rasu Kawu ya zo. Shi ya tsaya a sahun gaba, shi aka yi wa gaisuwa a ƙarƙashin bedin nan. Ina zaune kusa da shi wani ya ce Allah ya yafe mata abin da ta yi, Kawu ya ce amin, ya shafa. Na buɗe baki, Liman ya dube ni ya girgiza kai, don ba wurin gardama ba ne.

Na ƙara shekaru masu yawa a sana'ar. Duk sarƙar da aka kawo mini, sai na rufe ƙugiyar da babban yatsa na goga jikinta wuri uku kafin in duba abin da aka rubuta. Masu kaya suna ƙorafi ina ɓata musu lokaci. A Deule kuwa har yau akwai jikokin mutanen da suka zauna a tabarmin nan, kuma in an ambaci Inna, abin da suka sani game da ita shi ne zinarin yayanta da ruwa ya cinye.